Ƙaramin ɗaki: fentin bango ɗaya ko wolfefa? Yadda za ku yanke shawara kafin ku shiga kasuwa

Ɗakin da magina suka fi fitarwa a gidajen haya na Birnin Kebbi, ko a Badariya ne ko Bayan Kara ko Gesse, ƙafa 12 ne a kan 12, wani lokacin ma 10 a kan 12. A cikin wannan ɗan filin ake so a zuba gado mai ƙafa shida, da wadirof, da madubi, da labule, sannan a yi wa bango kwalliya. Hanyoyi biyu aka fi bi yanzu. Ko dai a ware bango ɗaya a yi masa fenti mai launi daban da na sauran ukun, ko kuma a manna wolfefa, wato takardar ado ta bango, wadda ake taƙaitawa da fefa. Mutane kan fara da tambayar wanne ya fi kyau, su yi ta juya hotuna a waya. Ni a wurina wannan ce tambayar ƙarshe. Kafin a iso gare ta akwai tambayoyi biyu da bangon ne da kansa zai amsa su: nawa ne zai rage a fili bayan an yi jere, kuma yana da lafiyar da zai riƙe abin da za a sa masa? In kun amsa waɗannan da gaskiya, sau da yawa za ku tarar shawarar ta yanke kanta.

Zan bi da ku ta ɗaki guda, wanda aka kama wa ɗiyar yayata da za a kai ta, don lissafin ya zauna a kan abin da ake gani. Ƙafa 12 ne a kan 12, wato mita 3.66 kowane gefe, tsayinsa daga tayil zuwa silin mita 2.75. Ƙofar shiga da ta banɗaki duk suna bangon kudu, taga tana yamma. Amarya ta riga ta zaɓi abin da take so: wolfefa mai manyan furanni ruwan gwal, a zagaye ɗakin kaf.

Mataki na farko: ku yi jeren da alli kafin a kawo kaya

Ku sami tef ɗin awo da alli. Ku karɓi awon gado da wadirof da madubi daga wurin kafinta, faɗi da tsayi, kada ku yarda da "kamar haka ne" da hannu. Sai ku zana kowane kaya a jikin bangon da zai jingina da shi, daidai girmansa. Wurin da labule zai rufe ma ku ja masa layi. Daga nan ku koma bakin ƙofa ku tsaya ku duba abin da ya rage.

Ga yadda namu ya fita. Kowane bango 3.66 sau 2.75 ne, kusan sikwaya mita 10, ɗakin duka 40. Bangon yamma labule ya cinye shi daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda ake yayi, saboda haka babu abin da za a gani a can. Bangon gabas wadirof ne mai faɗin mita 2.4 da tsayin 2.1, ya rufe rabin bangon, abin da ya rage kuwa siririn fili ne a gefe da wani a sama, wanda kowa ya san akwatunan lefe za su hau. Bangon kudu ƙofofi biyu da madubi sun yayyanka shi gutsi-gutsi. Bangon arewa, wanda ke kallon mai shigowa, shi ne na gado. Allon gadon mita 2 ne a faɗi, 1.5 a tsayi, ga durowa biyu a gefe, duka sun rufe kusan sikwaya mita uku da rabi. Saura shida da rabi, a dunƙule wuri guda.

Wato cikin sikwaya mita 40, abin da ido zai gani bai wuce 16 ba, kuma wanda yake shimfiɗe a haɗe shida da rabi ne kawai. Wanda ya zagaye wannan ɗakin da wolfefa ya biya kuɗin nadi tara ko goma, fiye da rabinsu suna ɓoye a bayan katako da yadi. Ba asarar kuɗin ce kaɗai ba. Bayan wadirof wuri ne da iska ba ta shiga, hannu ba ya kaiwa, kuma can ne fefa ke fara ɗagowa ba wanda ya sani. Da na nuna wa amarya zanen allin sai ta yi shiru, can ta ce, "To Gwaggo, ai ko bangon gadon kaɗai a sa mini." Mun rage magana ke nan daga bango huɗu zuwa ɗaya, kuma a ƙaramin ɗaki kusan kullum nan ake sauka.

Wajen zaɓen bangon, wanda ido ke fara faɗawa a kai daga ƙofa shi ne, muddin ba shi da taga ko ƙofa a tsakiyarsa. Bangon taga bai dace da launi mai duhu ba, domin hasken da ke shigowa ta tsakiyarsa zai sa gefensa ya ƙara baƙi, ido ya riƙa gajiya. Akwai kuma abin da masu sayar da kaya ba za su tuna muku ba. Matar gida a ɗakinta take sallah, alƙiblarmu kuwa gabas ce. In bangon da kuka ware shi ne na gabas, to duk zanen da ke kansa yana gabanta sau biyar a rana. A irin wannan hali fenti marar zane ya fi kwanciyar hankali, in kuma fefa ce a guji mai tsuntsaye da dawisu da abin da ke ɗaukar ido.

Mataki na biyu: ku binciki lafiyar bangon

Nan ne zan daɗe, domin nan ake faɗuwa. Fenti yana yafe wa bango laifuffuka da yawa. Wolfefa ba ta yafewa. Yawancin wadda ke kasuwa fuskarta roba ce a kan takarda, shi ya sa ake iya goge ta da tsumma. Wannan robar da ta hana ruwa shiga ta gaba ita ce ke hana danshin bango fita ta baya. Danshin sai ya tsaya tsakanin siminti da takarda, ya jiƙa gam, ya haifi funfuna.

Ku fara da ido. Ku durƙusa ku dubi bangon daga tayil zuwa kamar mita ɗaya. Abin da kuke nema shi ne layi mai lanƙwasa kamar inda ruwa ya taɓa tsayawa, ko fenti da ya kumbura yana ɓarewa, ko farin gari mai kama da kanwa. Wannan alamar ruwan ƙasa ne da ke hawa ta cikin bulo, yana ɗauke da gishiri, ya bushe ya bar shi a fuska. An fi ganinsa a ginin da ba a shimfiɗa leda a kan tushensa ba, da gidajen da ke gangare wajen fadama, irin waɗanda ake samu a nan da Argungu da Yawuri. Sai ku ɗaga kai ku dubi kusurwar silin, ko akwai tabo ruwan ƙasa da ke nuna kwano na yoyo. Sannan ku fita waje ku ga abin da ke bayan bangon. In banɗaki ne, ko kwata, ko wurin da maƙwabta ke wanki, ko inda indararo ke zuba, ku sa masa alamar tambaya ko da cikin ya yi kyau.

Daga nan sai gwajin leda. Ku yanki farar leda mai kauri kamar santimita 50 kowane gefe, ku manna ta a ƙasan bangon, ku rufe gefunanta huɗu da salatif sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Ku bar ta kwana biyu. In kun ɓare kuka ga raɓa a fuskar da ke manne da bango, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, danshi daga cikin bangon yake fitowa, maganar fefa ta mutu. In raɓar a fuskar da ke kallon ɗaki take, matsalar iska ce ba ta zagayawa, wannan kuwa buɗe taga na rage ta.

Amma gwajin yana da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu ƙwarai. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kusan kowane bango a Kebbi zai ci wannan jarrabawar. Bangon da ke zufa a Agusta ƙashi ne a bazara. Saboda haka in da rani kuke dubawa, kada ku dogara da leda kaɗai. Ku dogara da tabon da damina ta bari, ku kuma tambayi wanda ya zauna a gidan. Mai gida kan sa a yi sabon fenti kafin a ba da haya, tabon ya ɓuya. Matar da ke ɗakin kusa ita ce za ta gaya muku gaskiya. Mu da muka tambayi tamu, cewa ta yi, "Hajiya, bangon da ke wajen banɗaki ne ke jiƙa in ruwa ya zauna, amma wanga da ke tsakanina da ku ban taɓa ganin komai gare shi ba." Wanda take nufi shi ne na arewa, bangon gado, kuma da yake tsakanin ɗaki da ɗaki yake, ruwan sama ba ya dukansa, ranar yamma ba ta gasa shi. Ta fuskar danshi ya tsallake.

Gwaji na gaba na tafin hannu ne. Ku shafa bangon da ƙarfi ku dubi hannunku. In ya fito fari fat, fentin da ke kai mai arha ne da aka tsinka da ruwa, ko farar ƙasa ce. Gam zai kama wannan garin ne, ba bangon ba, kuma ranar da garin ya saki, fefa za ta taho da shi. Don ku tabbatar, ku manna salatif mai tsawon yatsa, ku danna, ku fizge. In ya taho da ɓawon fenti, haka fefa za ta yi. Namu ya faɗi wannan gwajin warwas, hannuna kamar na taɓa garin rogo.

Sai na tocila. Da dare, ko a rufe taga, ku jingina tocila da bangon yadda haskenta zai bi fuskarsa a kwance. Duk tudu da rami da tsagar da ba a gani da rana za su fito da inuwarsu. Filastar da aka shafa da yashi mai tsakuwa, aka bi ta da fenti kai tsaye ba a yi sikiridin ba, wato siririn shafen da ke mayar da bango sumul, za ku gan ta kurzunu-kurzunu. Fefa a kan irin wannan ba ta kwanciya. Kowace ƙwayar yashi za ta turo ta, bakin haɗin kuma ba zai zauna ba. Ku kuma ƙwanƙwasa bangon da bayan makulli nan da can. Inda ya yi ƙara kamar ba komai a ciki, filasta ta rabu da bulo, sai an fasa an sake. Ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti ya fi yawan wannan, kuma ni ba na ba da shawarar fefa a kansa ko kaɗan, ga shi gara na samun hanya ta cikinsa, ita kuwa takarda da gam ɗin sitati abincinta ne.

In ɗakin sabon gini ne, ku tambayi ranar da aka yi filasta. Siminti na bukatar aƙalla mako huɗu kafin a rufe shi da komai, da damina ma fiye da haka. Gaggawar biki ta sa an manna fefa a kan ɗanyar filasta a gidaje da dama, kafin amarya ta gama cin amarci baƙaƙen ɗige-ɗige sun fito ta bakin haɗi.

Sakamakon namu ke nan: bango busasshe, amma mai gari da kaushi. Ana iya gyara shi. A kankare tsohon fentin, a yi sikiridin, a bar shi ya bushe, a goge da samfefa, a shafa fentin share fage, sannan a manna. Aikin kusan mako guda ne, da kuɗin mai sikiridin a kan na mai mannawa, a gidan da ba naka ba.

Mataki na uku: ku ƙirga zanen da ya riga ya shiga ɗakin

Wannan gajere ne. Ku lissafa duk abin da ke da zane a cikin kayan: labule, kafet, zanin gado, allon gado in mai maɓallai ne ko sassaƙa, ƙofofin wadirof, silin in mai ado ne. Ɗaki mai ƙafa 12 ba ya ɗaukar manyan zane fiye da biyu ba tare da ya cushe ba. A namu labule mai furanni ne, kafet mai zane, allon gado mai maɓallai masu ƙyalli. Uku ke nan tun ba a taɓa bango ba. Furannin gwal a bayan wannan allon za su yi ta kokawa da shi, ba wanda zai fito. Da kayan lafiyayyu ne marasa zane, gado mai ɗan gajeren allo, labule launi ɗaya, to a nan ne fefa ke yin abin da fenti ba zai iya ba, ta ba ɗakin rai. Ƙa'idar da nake bi ita ce, in kaya sun yi surutu bango ya yi shiru.

Girman zanen ma abin dubawa ne. A ɗakin da gado ya cinye tsakiya, ba za ku taɓa yin nisan da ya wuce mita uku da rabi daga bangon ba. Furen da ya kai faɗin faranti yana son a kalle shi daga nesa, kuma allon gado zai yanke rabinsa. Ƙananan zane, ko mai saƙa-saƙa launi ɗaya, ko siraran layuka a tsaye waɗanda ke sa silin ya yi kamar ya ƙara tsawo, su suka fi zama.

Mataki na huɗu: lissafin kaya

Ku yi lissafin duka biyun ko da zuciyarku ta karkata, domin shi zai hana a cuce ku a shago.

Nadin wolfefa da aka fi sani faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. Mai shago zai ce muku nadi ɗaya na rufe sikwaya mita biyar, bangonku goma ne, ku ɗauki biyu. Ba haka ake lissafin ba, domin fefa a tsaye ake yanka ta, falle-falle, kuma ba a yin haɗi a tsakiyar bango. Ku raba faɗin bango da faɗin nadi: 3.66 a raba da 0.53 ya ba da 6.9, wato falle bakwai. Kowane falle tsayin bango ne da ƙarin santimita 10 na datsewa sama da ƙasa, mita 2.85. In zanen mai maimaituwa ne sai an daidaita fure da fure, kuma a jikin takardar nadin ana rubuta tazarar maimaicin. In santimita 64 ce, falle zai koma mita 3.2. Ko ta wane hali falle uku ne ke fita daga nadi guda, ragowar guntu ne. Falle bakwai a raba da uku, nadi uku ke nan, ba biyu ba. Wanda ya sayi biyu zai tsaya da falle shida, saura tsiri guda a kusurwa, ya koma kasuwa ya tarar irin ta ƙare ko an kawo wani bugun da launinsa ya ɗan saɓa. Shi ya sa za ku duba lambar bugu a jikin kowane nadi, ta zama iri ɗaya. Akwai kuma babban nadi mai faɗin mita 1.06 da tsawon 15.6. Shi falle huɗu bangon ke bukata, guda ɗaya ya isa, bakin haɗi uku ne kawai maimakon shida, kuma kowane haɗi da aka rage an rage wurin ɗagowa.

Fenti kuwa lissafinsa ba wuya. Lita ɗaya ta fenti mai kyau kan rufe sikwaya mita takwas zuwa goma a shafa ɗaya, in bangon ba mai shan fenti ba ne sosai. Bango mai sikwaya mita goma, shafa biyu, ashirin ke nan, lita biyu zuwa biyu da rabi. Galan ɗaya mai lita 4 ya isa har da ragowar da za a ajiye don gyaran tabo. Launi mai duhu a kan farin bango wani lokaci sai an yi shafa uku kafin ya daina nuna sawun rola, galan ɗin dai zai kai in ba a yi ɓarna ba. Abin da za ku tsaya a kai shi ne ruwan da mai fenti zai zuba. In ya tsinka shi don ya yi auki, launin zai fito dabbare-dabbare, bayan shekara kuma ya koma garin da muka yi magana.

Wani nau'in abin mannawa a bango da za a nuna muku a kasuwa shi ne soso mai kama da bulo, wanda ke zuwa falle-falle da gam a bayansa, kowanne kamar santimita 70 a kan 77. Yana ɓoye kaushin bango, gaskiya ne, kuma mutum na iya manna shi da kansa. Amma ramukansa na tara ƙurar hunturu, yara na ƙwaƙule shi da farce, zafin bazara na sassauta gam ɗinsa a bangon da rana ke duka, ranar cirewa kuma yana barin tabon gam ko ya taho da fenti. Soso ne, ba ya son wuta, kada ya kusanci soket mai zafi ko kaskon turare.

Mataki na biyar: ku tuna yadda za a zauna a ɗakin

Ɗakin matar Bahaushe ba ya rabuwa da turaren wuta, kuma hayaƙinsa na hawa bango yana barin dushi-dushi mai maiƙo, musamman saman inda ake ajiye kasko. Ga ƙurar da ke shigowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga hannun yara in Allah ya kawo su. Fefa mai fuskar roba tana goguwa da ɗanyen tsumma, nan ta fi fenti marar sheƙi wanda in an goge shi yake barin tabo. Sai dai akwai fenti mai ɗan sheƙi da ake wankewa, wanda masu fenti ke kira satin ko silik, shi ma yana goguwa. Illarsa ita ce sheƙin na tona asirin bango mai kaushi, saboda haka ku koma ga abin da tocila ta nuna muku.

Gyara shi ne inda suka fi rabuwa. Fenti in ya ƙuje, burushi ɗaya daga ragowar galan ya wadatar. Fefa in ta yage sai an sauya falle guda, in an ajiye ragowa. Bakin da ya ɗago kuma ba muni kaɗai ba ne, maɓoyar kyankyaso ce da kuɗin cizo, su kuwa in sun shiga bayan fefa a kan gado, feshi ba ya kai musu sai an ɓare ta duka. In gidan ya taɓa yin kuɗin cizo, ku tambaya kafin ku manna komai.

Sannan maganar haya. Ku nemi izinin mai gida tun farko, ku ji abin da zai ce a ranar tashi. Mayar da bango ɗaya fari aikin yini ne. Ɓare fefa daga bangon da ba a yi masa share fage ba yakan taho da sikiridin, a bar ku da biyan gyara.

Abin da muka yi a ƙarshe

Bangon busasshe ne amma mai gari, gidan na haya ne, saura mako uku a kai amarya, kuma kayanta sun riga sun cika da zane. Muka tsaya a kan fenti. Aka kankare garin da burushin waya, aka cike ramuka, aka goge da samfefa, aka shafa fentin share fage don ya ɗaure abin da ya rage. Sauran bango uku aka yi musu ruwan madara, silin fari.

Launin bangon gado ba daga katin mai shago muka zaɓe shi ba, daga labulen muka ɗauko. A tsakanin furanninsa akwai ƙananan ganye kore mai toka-toka, shi muka bi, don bangon ya zama ɗan gida a cikin kayan. Kafin a sayi galan sai da aka haɗa ɗan kaɗan, aka shafa sau biyu a kan kwali mai faɗin kamu uku, aka jingina shi inda allon gado zai ƙare. Ku yi wannan ko da mai fenti ya ce ɓata lokaci ne. Ku dube shi da safe, ku dube shi da la'asar, ku dube shi da dare a ƙarƙashin ƙwan ɗakin, sannan a ƙarƙashin fitila mai caji, tunda ita ce hasken dare da yawa. Tagar namu yamma take, ranar la'asar na shigowa ja-ja, sai koren farko da aka haɗa ya koma kamar ruwan ƙasa, da dare kuma ya yi duhu ƙwarai. Aka ƙara masa fari har ya sauko. Fenti yakan fi duhu a bango guda fiye da yadda yake a ɗan kati, saboda haka in kuna shakka tsakanin biyu ku ɗauki mai hasken.

Wajen shafawa, abin da ke raba aikin gwani da na koyo shi ne layin kusurwa. A fara gama bango masu haske su bushe, sannan a manna salatif na takarda a gefen da ke maƙwabtaka da bangon gado da kuma bakin silin, a danne shi da yatsa, a shafa mai duhun, a cire salatif ɗin tun fentin bai gama bushewa ba. In an bari ya bushe ƙarau, zai taho da ɓawo.

In naku binciken ya kai ku ga fefa, wato bango busasshe, sumul, kaya marasa zane, gida naku ko hayar da za ku daɗe, to ku kula da abubuwa uku ranar aiki. Mai mannawa ya fara da jan layi a tsaye da igiya mai nauyi a ƙasa, kada ya bi kusurwar ɗaki, domin kusurwoyin gine-ginenmu ba kasafai suke miƙe ba, kuma karkatar falle na farko za ta bi sauran shidan. Ya yi amfani da gam ɗin fefa na ainihi, ba sitatin wanki ko kunun rogo ba. Sannan a kashe fanka a rufe taga kwana ɗaya ko biyu, musamman da hunturu, domin busasshiyar iska na busar da bakin falle kafin tsakiyarsa, takarda ta tsuke, haɗin ya buɗe ya bar siririn farin layi daga sama har ƙasa. Ƙananan kumburin da za ku gani a ranar farko yawanci suna kwantawa da kansu in gam ya bushe. Wanda ya kai kwana uku bai kwanta ba, a huda shi da allura, a tura ɗan gam da sirinji, a danne da tsumma mai tsabta. Gado kuma a ja shi kamar yatsa uku daga bangon, kada allonsa ya riƙa gugar takardar.